Wa ya yi? Jagorar cike gurbin aikau idan ana fassara daga Sinanci zuwa Hausa

Idan Basine ya tambayi abokinsa ko ya ci abinci, abin da zai ce shi ne 吃了吗 (chī le ma), abokin kuma ya amsa da 吃了 (chī le). A cikin tambayar da amsar babu "kai", babu "ni", babu ma "abinci". Aikatau ne kawai, wato "ci", sai ƙaramar kalmar le mai nuna abu ya auku, sai kuma kalmar ma mai mayar da magana tambaya. Dukansu biyu sun fahimci juna sarai, don suna tsaye wuri ɗaya kuma sun san wa ke magana da wa.

Hausa ba ta yarda da wannan ba. Muna iya jefar da suna, mu ce "ya tafi" ba tare da ambaton Audu ba, amma ba ma iya jefar da zagin aikatau. Dole a ce na ci, ka ci, kin ci, ya ci, ta ci, sun ci, ko an ci. Wannan 'yar kalma ɗaya tana ɗauke da abubuwa huɗu: wane ne, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, kuma aikin ya wuce ne ko yana tafe. Aikatau na Sinanci ba ya sauya siffa don ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka duk lokacin da mai fassara ya rubuta "ya" ko "sun" a wurin da Sinanci ya bar fili, hukunci ya yanke, ko ya sani ko bai sani ba. Aikin da ke gabanmu shi ne a yanke hukuncin da ido buɗe.

Za mu bi saƙo guda ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ba da odar yadi a wata masana'anta a ƙasar Sin, yana da wakili Basine a Guangzhou mai duba masa kaya kafin a yi lodi. Wakilin ya turo wannan ta manhajar saƙonni ta WeChat, aka kawo maka ka mayar da shi Hausa:

货看了,颜色不对,已经跟老板说了,说下周重做,做好了再发,运费不出。

Huò kàn le, yánsè bú duì, yǐjīng gēn lǎobǎn shuō le, shuō xià zhōu chóng zuò, zuò hǎo le zài fā, yùnfèi bù chū.

Kalma bayan kalma, ga abin da ke ciki: kaya duba, launi ba daidai, riga da maigida faɗa, ce mako mai zuwa sake yi, yi gama sannan aika, kuɗin jigila ba fitar. Babu wakilin suna ko guda.

Mataki na farko: ƙirga gurabe kafin ka rubuta komai

Kada ka fara da Hausa. Ɗauki alƙalami ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, sannan ka sa alama a gaban duk wanda ba a faɗi mai yinsa ba. A saƙonmu za ka sami guda bakwai: 看 duba, 说 faɗa na farko, 说 na biyu, 重做 sake yi, 做好 gama yi, 发 aika, da 出 fitar da kuɗi. Gaɓa ɗaya ce kawai ta zo cikakkiya, wato "launi ba daidai ba".

Amfanin wannan ƙirga shi ne ta hana ka gudu. Wanda ya iya Sinanci sosai yakan cike gurabe a ransa tun kafin ya ankara, sai ya ɗauka abin da ya cike ɗin yana cikin rubutun. Wanda bai iya sosai ba kuwa yakan ɗauki mutumin da ya fara cin karo da shi ya jingina masa duk ayyukan. Kada kuma ka dogara da waƙafi. Sinanci yana jera gaɓoɓi masu yawa da waƙafi har sai batun ya ƙare, aya ta zo a ƙarshe, kuma aikau, wato mai yin aikin, yana iya sauyawa sau biyu ko uku a tsakani. Masanin nahawu Lü Shuxiang ya kira irin wannan jimla 流水句, jimla mai gudu kamar ruwa. Ka ɗauki kowane waƙafi a matsayin wurin da mai aiki zai iya canzawa.

Mataki na biyu: sunan da ke gaba, aikau ne ko kan magana?

A nan ne sassaucin jerin kalmomi yake shigowa. Jerin Sinanci na yau da kullum shi ne aikau, aikatau, karɓau, daidai da na Hausa. Amma Sinanci yana son fara jimla da abin da ake magana a kansa, ko da shi aka yi wa aikin. A 1976 masana harshe Charles Li da Sandra Thompson sun sa Sinanci cikin harsunan da ke fifita kan magana a bisa aikau. Mu ma muna da irin wannan: "Kayan kam, na duba." Bambancin shi ne mu muna da "na" da ke tona asirin mai dubawa, kuma sau da yawa muna ƙara "kam" ko "kuwa" ko "dai". Sinanci ba ya bukatar ko ɗaya.

A saƙonmu 货看了 bai da wuya, tunda kaya ba su da idon duba wani. Hankali ya raba gardama: kaya kan magana ne, an duba su. Haka 运费不出, kuɗin jigila ba su ne masu ƙin fitarwa ba, wani ne ya ƙi fitar da su.

Matsalar tana tasowa ne idan sunan da ke gaba abu ne mai rai wanda zai iya yi, za a kuma iya yi masa. Shahararren misali shi ne na Chao Yuen Ren, marubucin nahawun Sinancin baka na 1968: 鸡不吃了 (jī bù chī le), kaza ba ci. Yana iya zama "kajin sun daina cin abinci", yana iya zama "kazar kam na ƙoshi, ba zan ƙara ci ba". Mai kiwo ne ya faɗa ko baƙo a gaban akushi, wannan ne kaɗai zai raba. A harkar kasuwa za ka haɗu da 'yan uwansa kullum. 司机通知了 (sījī tōngzhī le) yana iya nufin "an sanar da direba" ko "direba ya sanar". 老板找到了 (lǎobǎn zhǎodào le) yana iya nufin "an sami maigidan" ko "maigidan ya samo abin". 这个人谁都不认识 (zhège rén shéi dōu bú rènshi) kuwa ko dai "mutumin nan bai san kowa ba" ko "babu wanda ya san mutumin nan", kuma idan ana maganar wanda za a ba wa amanar kuɗi, tazarar da ke tsakanin biyun ba ƙarama ba ce.

Akwai ƙananan kalmomi uku da ke kashe wannan shakka idan sun bayyana, sai ka neme su tukuna. Sunan da ya biyo bayan 把 (bǎ) shi aka yi wa aikin. Sunan da ya gabaci 被 (bèi) shi abin ya faɗa wa, kamar a 货被海关扣了, kwastam sun riƙe kayan. Sunan da ya biyo bayan 由 (yóu) shi ke da alhakin yi. Sai dai 被 ya fi zuwa a kan abin da ba a so, don haka rashinsa ba hujja ba ce cewa sunan da ke gaba shi ne aikau. "An tura kaya" a bakin ɗan kasuwa 货发了 ne kawai, ba tare da wata alama ba.

Wani abu da jerin kalmomi ke nunawa, wanda Hausa ke da kyakkyawan mazauni gare shi: abin da ya zo kafin aikatau galibi sananne ne, wanda ya zo bayansa sabo ne. 客人来了 shi ne "baƙin sun iso", waɗanda ake jira. 来客人了 shi ne "an yi baƙi". Wato sassaucin ba na banza ba ne, matsayin kalma yana yin aikin da "-n" da "-r" da "wani" suke yi mana.

Mataki na uku: wa ke magana, da wa, kuma daga ina?

Yawancin gurabe a hira da saƙonni suna cikuwa da ƙa'ida mai sauƙi. Idan bayani ne, mai maganar ne aikau. Idan tambaya ce ko roƙo, wanda ake yi wa maganar ne. 收到了 shi ne "na karɓa", 收到了吗 shi ne "ka karɓa?". Da wannan gurbin farko da na biyu a saƙonmu suka cika: wakilin ne ya duba, shi ne kuma ya yi wa maigida magana.

Bayan wannan sai ka duba kalmomin alkibla. 来 (lái) yana nuna zuwa wajen mai magana, 去 (qù) yana nuna barin wajensa, kamar yadda muke raba "turo" da "tura". 钱打过来了 na nufin kuɗin sun shigo wajen mai magana, ke nan ɗaya ɓangaren ne ya biya. 钱打过去了 na nufin mai maganar ko mutanensa sun tura. Harafi ɗaya ya gaya maka wa ya biya wa.

A wasiƙun ofis kalmomin girmamawa ne ke wannan aiki. 拜访 (bàifǎng) ziyara ce da mai rubutu yake kai wa wanda yake girmamawa, 光临 (guānglín) kuwa zuwan baƙon da ake girmamawa ne. Ba mai amfani da 光临 a kan zuwan kansa. Duk aikatau da ya biyo bayan 请 (qǐng) a farkon jimla, mai karɓar wasiƙa ake so ya yi shi.

Mataki na huɗu: bi sarƙar, ka lura da inda ta tsinke

Ƙa'idar gama-gari ita ce wanda aka fara magana a kansa yana ci gaba da riƙe gurabe har sai wani abu ya karɓe. Abin da ke karɓewa yawanci sabon mutum ne da aka shigo da shi, tare da aikin da ya fi dacewa da shi.

Dubi gurbi na uku: 已经跟老板说了,说下周重做. Wakilin ya faɗa wa maigida, sai kuma wani "ce". Idan ka bi sarƙar ido rufe za ka rubuta "na ce a sake yi mako mai zuwa". Nahawu bai hana wannan karatu ba. Amma an riga an shigo da maigida, kuma abin da mai karanta saƙon ke jira shi ne amsarsa. Sa ranar sake aiki ma hurumin mai masana'anta ne, wakili ba shi da injin rini. Da umurnin wakilin ne, da ya fi yiwuwa ya rubuta 让他下周重做, na sa shi ya sake yi mako mai zuwa. Dalilai uku sun karkata wuri guda, don haka maigidan ne ya ce. Gurbi na huɗu da na biyar, sake yi da gamawa, na masana'anta ne ba tare da musu ba.

Ka lura da 了 a cikin 做好了再发. Masu koyo da yawa sun haddace cewa le alamar shuɗaɗɗen lokaci ce, sai su rubuta "an gama, an sake aikawa". Kuskure biyu ke nan a gaɓa ɗaya. Le yana nuna kammaluwa ne, kuma kammaluwar tana iya zama a gaba. 再 (zài) a wannan gini kuma "sannan" yake nufi. Ma'anar ita ce idan an gama sannan a aika. "Mako mai zuwa" da ya gabata shi ya kafa lokacin duk abin da ya biyo baya.

Gurbi na shida ya fi wuya. Wa zai aika, kuma zuwa ina? Masana'anta ce za ta aika wa wakilin a Guangzhou, ko wakilin ne zai yi lodi zuwa Kano? 发 ya zo tsirara, babu 来 babu 去. Hausa kuma tana matsa maka ka zaɓi "tura" ko "turo". Ajiye shi tukuna.

Mataki na biyar: ina maganar maigida ta tsaya?

A irin wannan saƙo Sinanci ba ya sa alamar da ke rufe maganar da aka ruwaito. Bayan 说 komai na iya zama ci gaban abin da mutumin ya ce, ko kuma mai rubutu ya koma maganar kansa ba tare da sanarwa ba. Masanin harshe C.-T. James Huang, a bincikensa na 1984 kan gurabe marasa wakilin suna, ya nuna yadda gurbi a cikin maganar da aka ruwaito yake iya komawa kan mai faɗar, ko kan wani da aka ambata can baya a zancen.

Gurbi na bakwai ke nan, kuma nan kuɗi suke. 运费不出. Idan har yanzu bakin maigida ne, ma'anar ita ce masana'anta za ta sake aikin amma ba za ta biya jigila ba. Idan wakilin ya dawo bakinsa, ma'anar ita ce "ni ba zan biya ba". A ganina karatun farko ya fi ƙarfi, domin gaɓoɓin uku sun yi kama da sharuɗɗan da mutum ɗaya ya jero: zan sake, zan aika, ba zan biya ba. Amma "ya fi ƙarfi" ra'ayi ne. Idan ka rubuta "ya ce ba zai biya ba" alhali wakilin ne ke zame kansa, ɗan kasuwar zai kira masana'anta da faɗa a kan maganar da ba su yi ba.

Ka raba gurabenka gida uku: waɗanda rubutun ya tabbatar, waɗanda hankali ya rinjayar, da waɗanda suka rage a buɗe. Na farko ka cike. Na biyu ka cike idan kuskure a wurin ba zai jawo asara ba. Na uku, da duk wanda ya shafi kuɗi, alhaki, laifi ko magani, ka tambaya. Tambayar gajeriya ce: 运费谁出 (yùnfèi shéi chū), wa zai biya jigila? Ko ka ba wakilin zaɓi biyu: 是工厂不出还是你不出, masana'anta ce ba za ta biya ba ko kai? Tambaya mai zaɓi ta fi, don idan ka ce masa ya ƙara bayani yana iya maimaita jimlar yadda take, tunda shi a wurinsa a fili take.

Mataki na shida: zaɓi Hausar da ba ta faɗi fiye da abin da ka sani ba

A nan Hausa ta yi mana gata. Muna da an, aka, ana, za a, da a, waɗanda ke ba da aiki ba tare da nuna mai yi ba. "Za a sake yi", "idan an gama", duk sun zauna daram. Muna kuma iya juya jimla kayan su zama aikau: maimakon tura ko turo, sai a ce "sannan kaya su tashi", gurbi na shida ya tsira ba tare da ƙarya ba.

Jinsi ma haka. 老板 bai nuna namiji ko mace ba, kuma mata masu masana'anta da shaguna ba su da wuyar samu a can. "Maigida ya ce" ya riga ya yanke. "Mai masana'antar" bai yanke ba, amma zagin da zai biyo baya zai yanke, sai ka kauce masa da "amsar da na samu ita ce". A saƙon murya abin ya fi tsanani, domin 他, wato shi, da 她, wato ita, duk tā ake furta su. Raba su a rubuce ma bai daɗe ba, wajen 1920 ne marubuci Liu Bannong ya yaɗa amfani da 她 don mace.

Amma "an" ba fanko ba ne, yana da nasa nauyin. "An ce" a kunnen Bahaushe jita-jita ce, maganar da ba ta da uba. Idan ka fassara gurbi na uku da "an ce za a sake yi", ka raunana alkawarin da mutum takamaimai ya ɗauka. "An duba kayan" kuma yana iya sa ɗan kasuwa ya yi zargin wakilin bai je da kansa ba. Inda ka tabbatar da aikau, faɗe shi. Fassarar da ta cika da an da aka tun daga sama har ƙasa alama ce ta mai fassarar da ya ƙi yin aikinsa.

Ga yadda saƙon zai fita kafin amsar tambayarka ta zo:

"Na duba kayan, launin bai yi daidai ba. Na riga na yi wa mai masana'antar magana. Amsar da na samu ita ce za a sake yi mako mai zuwa, idan an gama sannan kaya su tashi. Kuɗin jigila kuwa, ba za a biya ba."

Sai ka ƙara wa ɗan kasuwar bayani a gefe, da bakinka: Alhaji, jimlar ƙarshe ba ta faɗi wanda ba zai biya ba, na fi zaton masana'anta ce, na tura tambaya. Jimla ɗaya ta Sinanci ta zama huɗu a Hausa, kuma hakan daidai ne. Kowane wurin da aikau ya sauya ya cancanci aya.

Mataki na bakwai: bi zagi ɗaya bayan ɗaya

Idan ka gama, koma kan Hausarka ka kewaye kowane na, ya, ta, sun, muka, za su. A kan kowanne ka tambayi kanka wace kalma ko wane dalili a Sinancin ya ba ka shi. Wanda ba ka iya nuna tushensa ba, ƙari ne daga gare ka. Alamun ɓarna da aka fi gani su ne "ya" guda yana gudana cikin sakin layi duka alhali mutane biyu ake magana, mutum yana yi wa kansa abin da ba a yi wa kai kamar ya sanar da kansa, da lokaci yana tsalle daga gobe zuwa jiya a tsakiyar jimla. Idan fassarar ta biyo ta Turanci kafin ta iso gare ka, ka ninka shakka, domin wanda ya yi ta farko ya riga ya cike gurabe da zatonsa, kuma ba za ka ga ɗinkin ba sai ka nemi asalin Sinancin.

Takardar yarjejeniya da sanarwar hukuma suna da nasu hali. A can za ka ga jimloli suna farawa da 应 (yīng) ko 必须 (bìxū), wato wajibi ne, ba tare da an ce wa ba. A sanarwa ga jama'a "a" ta wadatar: a kiyaye, a biya kafin ƙarshen wata. A yarjejeniya ba ta wadatar ba. Ka koma kan taken sashen da jimlar farkonsa ka ga ko 甲方 ake magana ko 乙方, ɓangare na farko ko na biyu, ka rubuta sunan ɓangaren a kowace jimla ko da maimaicin ya gundure ka. Idan sashen bai nuna ba, a gyara Sinancin kansa kafin a sa hannu, a sa 由, kamar 运费由工厂承担, masana'anta ce za ta ɗauki kuɗin jigila, sannan a fassara.